Idan Kuɗin Durowa Bai Cika Ba, Wa Zai Biya? Fashin Baƙi Kan Shot Ɗin Kashiya

Shin daidai ne mai kanti ya cire shot daga albashin kashiya duk ranar da kuɗin durowa bai kai abin da kwamfuta ta nuna ba? Wannan tambaya ba ta ƙarewa a Jos, kuma ta fi zafi a ƙarshen wata, lokacin da masu aiki a manyan kantuna da shagunan magani da gidajen abinci, daga Terminus har Bukuru, ke karɓar albashi su ga an gutsure shi. Masu kanti suna cewa amana aka ba ta, wanda ya riƙe kuɗi kuwa shi zai yi bayaninsu. Ma'aikata suna cewa ana ɗora musu asarar da ba su san inda ta fito ba.

Inda ake samun rashin fahimta shi ne, mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an ce "an yi shot" to kuɗi ya ɓata, kuma a hannun kashiya ya ɓata. Ba haka abin yake ba. Shot bambanci ne tsakanin lissafi biyu, kuma kowanne daga cikin biyun zai iya zama shi ne mai kuskure. Sai an bi diddigi kafin a san ko akwai asara ma tukuna, balle a kai ga maganar wanda zai biya.

## Lissafi biyun da ake gwadawa

Lissafi na farko shi ne abin da ya kamata a tarar a durowa. Na biyu shi ne abin da aka ƙirga da hannu. Idan na hannu ya gaza, an samu giɓi, wanda 'yan kanti ke kira shot. Idan ya zarce, an samu rara.

Abin da ya kamata a tarar ba shi ne jimillar cinikin yini ba, kuma nan ne manajoji da dama ke fara karkacewa. Ana farawa ne da kuɗin canjin da aka buɗe durowa da su, a ƙara cinikin da aka yi da tsabar kuɗi kawai, sannan a debe duk abin da ya fita daga durowar bisa ƙa'ida: kuɗin da aka mayar wa wanda ya dawo da kaya, kuɗin da aka ɗauka aka biya wata hidimar kanti, da kuɗin da aka kwashe a tsakiyar aiki aka kai akwatin ajiya don kada su taru a gaban jama'a. Cinikin kati da na tiransifa ba su da alaƙa da durowa. Kowannensu yana da nasa wurin gwaji, na kati a takardar da na'urar POS ke fitarwa, na tiransifa a asusun banki.

A da, kanti hanya ɗaya yake karɓar kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai sayen burodi da madara ya saba da tiransifa, kuma mutum ɗaya kan biya rabi da kati rabi da tsabar kuɗi. Wato kashiya ɗaya yanzu ƙofofi uku take tsaro, kuma kuɗi na iya shiga ta wata ƙofa a rubuta shi a wata. Manyan shot ɗin da ke tayar da hankali da daddare sau da yawa daga nan suke fitowa.

## Yadda ake rufe durowa

Rufe durowa da yamma yana farawa ne tun lokacin karɓarta. Idan mai aikin safe ta tashi ta miƙa wa mai aikin yamma durowa ba tare da an ƙirga ba, to duk abin da aka tarar da dare ba na kowa ba ne, domin ba wanda zai iya rantsewa a hannun wa ya faru. Saboda haka mai karɓa ta ƙirga kuɗin canjin da hannunta a gaban mai miƙawa, su biyun su sa hannu. Minti biyar ne, amma shi ne ginshiƙin duk wani zargi ko kariya da za a yi daga baya.

Idan lokacin tashi ya yi, a daina ciniki a wannan durowar. A ɗauke ta zuwa wurin da babu kwastoma, kashiya da sufabaiza su zauna tare. Ana ƙirgawa ne kala-kala, 'yan dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, har zuwa 'yan ashirin da 'yan goma, ana rubuta adadin takardun kowane kala, ba jimilla kaɗai ba. Amfanin hakan shi ne idan an sake ƙirgawa aka ga bambanci, nan take za a san a wane kala yake. Rafa takarda 100 ce, amma kada a yarda da rafa don kawai an ɗaure ta da roba, a warware a ƙirga. Sababbin takardu suna mannewa da juna, tsofaffi masu laushi kuma na'urar ƙirga tana tsallake su ko ta haɗa biyu. Tsoho da sabon samfurin 200 da 500 da 1,000 duk suna yawo tare tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023, kuma cikin gaggawa da ƙarancin haske ana samun wata takarda ta shige cikin rafar da ba tata ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake ganin ta fi sauran nauyi: a gama ƙirga a rubuta kafin a duba abin da kwamfuta ta ce. Manhajojin ciniki da yawa suna da rahoto iri biyu. `X report` yana nuna cinikin da aka yi zuwa wannan lokacin ba tare da ya rufe komai ba, `Z report` kuma yana rufe lissafin ya mayar da shi sifili. Idan kashiya ta ga adadin da ake nema kafin ta ƙirga, hannu da ido suna karkata zuwa ga wannan adadin ko da ba da niyya ba. Mai tsoro za ta cika giɓi daga jakarta, sai kuskuren ya ɓoye ba a gano tushensa ba. Mai son zuciya kuma zai ga akwai rara ya zare ta kafin a rubuta. Ƙirgar da aka yi ba tare da sanin amsa ba ita ce kaɗai ke faɗin gaskiyar abin da ke cikin durowa.

## Shot ɗin naira 17,650

Mu ɗauki misali da wani kanti irin waɗanda ke kan titin Ahmadu Bello. Kashiya ta karɓi aiki ƙarfe biyu na rana, ta tashi tara na dare, albashinta naira 45,000 a wata. An buɗe mata durowa da canjin 20,000. Rahoton kwamfuta ya nuna cinikin 486,500: tsabar kuɗi 212,300, kati 158,700, tiransifa 115,500. An mayar wa wani kwastoma 4,500, an biya wata hidima 8,000 da takardarta, kuma da magariba sufabaiza ya kwashi 100,000 ya kai akwatin ajiya.

```
20,000 + 212,300 - 4,500 - 8,000 - 100,000 = 119,800
```

Abin da ya kamata a tarar ke nan. Da aka ƙirga sai aka sami 'yan dubu 71, 'yan ɗari biyar 42, 'yan ɗari biyu 31, 'yan ɗari 28, 'yan hamsin 19, 'yan ashirin 10. Jimilla 102,150. Giɓi ya zama 17,650.

A kantuna da yawa nan maganar ke tsayawa. Manaja ya gaji, yana son ya rufe ya tafi kafin abin hawa ya yi wuya, sai ya rubuta adadin a gaban sunanta ya ce ta sa hannu. Ita kuma ta sa, domin ba ta da abin da za ta nuna. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinta ya tafi a dare ɗaya.

Amma a ce an zauna an bi shi. Abu na farko shi ne a sake ƙirgawa, wannan karon wani hannun daban, a kuma ɗaga farantin durowar a leƙa ƙasa da bayansa, domin takardu kan zame can. A misalinmu ƙirga ta biyu ta yi daidai da ta farko.

Na biyu, a fitar da jimillar na'urar POS a gwada da abin da kwamfuta ta rubuta a matsayin kati. Na'urar ta nuna 171,200, kwamfuta kuwa 158,700. Kati ya yi rarar 12,500. Da aka duba rasit ɗin, sai ga ciniki guda na 12,500 daidai: mutumin ya ce zai biya da kuɗi, ta danna `Cash`, ya laluba aljihu bai isa ba ya miƙa kati, layi ya yi tsawo ba ta koma ta gyara ba. Kuɗin nan yana asusun mai kanti lafiya lau. Da an cire shi daga albashinta, da mai kanti ya karɓi kuɗin kaya ɗaya sau biyu. Giɓi ya sauko zuwa 5,150.

Na uku, a tambayi duk wanda hannunsa ya shiga durowar. Sai manaja ya tuna cewa da la'asar motar kaya ta zo, ya ce ta ba shi 3,000 ya sallami 'yan dako, da niyyar zai rubuta takarda daga baya. Bai rubuta ba. Giɓi ya koma 2,150. Wannan irin "ba ni, zan rubuta" yana daga cikin manyan hanyoyin da ake cutar kashiya ba da gangan ba, domin ba ta da bakin da za ta ce wa oga sai ya sa hannu tukuna.

Na huɗu, a gwada kowace takarda da abin da aka shigar. Takardar mayar da kuɗin da kwastoma ya sa wa hannu tana ɗauke da 5,400, a kwamfuta kuma an buga 4,500. An juya lambobi biyu, bambancin 900. Masu lissafi suna da alamar da suke gane irin wannan kuskure: duk lokacin da aka juya lambobi, bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, kamar yadda 900 ya rabu. Sai dai alamar tana aiki ne kawai idan shi kaɗai ne kuskuren da ya rage. A nan ya cakuɗe da wani abu, shi ya sa 2,150 bai nuna ta ba, sai da aka bi takarda ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma idan giɓi ya zo daidai da ninki biyu na wani adadi da ke cikin takardu, a duba ko an ƙara abin da ya kamata a debe.

Abin da ya rage 1,250 ne, ba a gano tushensa ba. Mai yiwuwa ta ba wani canjin dubu alhali ɗari biyar ya bayar, mai yiwuwa ƙananan canji ne suka taru, inda babu 'yan hamsin ta riƙa barin wa mutane. Wannan shi ne giɓin gaskiya, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na tsabar kuɗin da ta karɓa a ciniki ba. Daga 17,650 zuwa 1,250, abin da aka kashe bai wuce rabin awa na duba takardu ba.

## Tiransifar da ba ta shigo ba

Akwai wani giɓin da ba ya bayyana a durowa kwata-kwata, kuma ya kamata a ware shi. A ce a wannan daren kwamfuta ta nuna tiransifa 115,500, asusun banki kuma ya nuna 106,000. Saura 9,500. Abu biyu ne: ko dai kuɗin yana hanya saboda matsalar sabis, ko kuma an nuna mata alat na bogi.

Ba a yanke hukunci kan wannan a daren. Tiransifar da ta maƙale takan shigo daga baya, ko ta koma wa mai ita. Shi ya sa ake buƙatar a rubuta sunan mai turawa da bankinsa da lambar wayarsa da `Session ID` ɗin da ke jikin rasit, wanda da shi banki ke bin sawun kuɗin. Hoton waya mai ɗauke da `Successful` ba shaida ba ce cewa kuɗi ya shigo, shaida ita ce a gan shi a asusun kanti.

Tambayar adalci a nan ita ce: wa ke da ikon ganin asusun? Idan na'urar da ke gabanta tana nuna shigowar tiransifa, kuma an gaya mata a rubuce kada ta saki kaya sai ta gani, ta saki, to akwai sakaci a wajenta. Amma idan alat yana zuwa ne wayar Alhaji da ke gida ko masallaci, an kira bai ɗauka ba, kwastoma yana tsaye yana faɗa, manaja ya ce "bar shi ya tafi, na san shi", ban ga ta inda asarar za ta zama tata ba. Haka ma cajin da banki ke cira daga kuɗin kati kafin ya sauka a asusu, kuɗin gudanar da kasuwanci ne, bai kamata ya taɓa shiga littafin shot ba. Jabun takarda ma haka: idan kanti bai ba ta fitilar gwaji ba, bai koya mata duba zaren tsaro da hoton da ke fitowa in an ɗaga takarda a haske ba, ba a yi mata adalci ba in an ce ta biya.

## Hujjar masu kanti

Ba zan yi kamar masu kanti ba su da magana ba. Sata a kan durowa gaskiya ce, ribar kayan masarufi kuma siririya ce, mai kanti zai sayar da kaya masu yawa kafin ya mayar da dubu goman da ta ɓata. Suna cewa in babu cirewa babu wanda zai kula, kuma idan aka yafe yau, gobe abin zai ƙaru. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kantin da mutum huɗu ke amfani da durowa ɗaya da lambar sirri ɗaya, inda ɗan mai gida ke zuwa ya zari kuɗin mai, shi ya buɗe ƙofar da kansa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, wanda ya iya sata ba ya yin shot. Hanyoyin da aka sani su ne: a karɓi kuɗi ba a buga kayan a kwamfuta ba, ko a buga a ba da kaya sannan a danna `Void` bayan kwastoma ya fita, ko a ƙirƙiri `Refund` na kayan da ba wanda ya dawo da su, ko a ba kwastoma lambar asusun kai maimakon ta kanti. A duk waɗannan durowa za ta yi daidai cif, ko ma ta yi rara idan bai samu damar zare abin da ya tara ba kafin a ƙirga. Asarar tana fitowa ne a ƙirgar kaya, ba a ƙirgar kuɗi ba. Saboda haka mai kantin da ya zuba ido kan shot kaɗai yana hukunta mai kuskure ne, ɓarawon kuma yana wucewa da takarda mai tsabta. Wanda ke son kama sata ya duba yawan sokewa da mayar da kuɗi a ƙarƙashin sunan kowane ma'aikaci, da yawan buɗe durowa ba ciniki, wanda wasu na'urori ke nunawa da `No sale`, ya kuma riƙa yin ƙirgar ba-zata a tsakiyar aiki.

## Rara ta wa ce?

Tsarin da ya fi yawa shi ne: giɓi na kashiya, rara ta kanti. Wannan tsarin yana da illa da ta wuce ma'aikaci, tana isa har aljihun mai saye. Rara ba riba ba ce. Kuskure ce kamar giɓi, kuma sau da yawa ma'anarta an tauye wa wani canjinsa ko an karɓi kuɗin kayan da ba a buga ba. Idan kashiya ta san duk giɓi a kanta yake, rara kuma ba za a lissafa mata ba, za ta fara tara wa kanta kariya. "Babu canji" zai yawaita, hamsin nan ɗari can za su riƙa maƙalewa, a ajiye a gefe don ranar da lissafi ya ƙi. Mutumin kirki ma sai tsarin ya koya masa haka. Mai sayen da aka ba alewa maimakon naira 50 ɗinsa yana biyan wani ɓangare na shot ɗin da bai san da shi ba.

Sannan giɓin yau da rarar gobe sukan zama abu ɗaya. Idan an yi kuskuren ƙirga canjin da aka bari a durowa, yau za a ga giɓin 2,000, gobe rarar 2,000. In an cire na yau daga albashi aka haɗiye na gobe, an karɓi kuɗin ma'aikaci a kan asarar da ba ta faru ba.

## Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan wannan a sashe na 5. Ta hana mai ɗaukar aiki cire kuɗi daga albashin ma'aikaci a matsayin tara, ta kuma hana ma a ƙulla yarjejeniya a kan hakan. Ta bar ƙofa ɗaya: ana iya cire abin da ya dace saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko ta sakaci, amma sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago mai izini, a rubuce. Sannan sashen ya ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Ga mai albashin 45,000, iyakar ita ce 15,000, wato 17,650 ɗin misalinmu ya haura ta ko da duka laifinta ne.

Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Takardar da ake sa sabon ma'aikaci ya sa wa hannu cewa "duk shot a kaina" ba ta shafe sharaɗin doka ba. Kuma bambancin lamba kaɗai bai isa ba, sai an nuna ganganci ko sakaci. A zahiri ƙananan kantuna ba sa zuwa neman wannan amincewar, ma'aikata kuma ba su san da ita ba, amma rashin bin doka bai soke ta ba. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma a nan ne ya kamata ƙa'idar durowa ta fito fili.

Ga waɗanda ke auna abu da ma'aunin addini, malaman fiƙihu ma sun tafi a kan cewa wanda aka ba amana ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. Kalmar amana da masu kanti ke kafa hujja da ita tana kare kashiya ne kafin ta kama ta.

## Rubutun da ya yi adalci

Littafin da ya dace ba littafin shot ba ne, littafin giɓi da rara ne, kowanne da gurbinsa. Kowace rana a rubuta kwanan wata, sunan mai durowa, abin da ya kamata, abin da aka ƙirga, bambancin farko, abin da aka gano da dalilinsa, da abin da ya rage. A misalinmu za a ga 17,650 a gurbin farko, 12,500 da 3,000 da 900 kowanne da bayaninsa, sannan 1,250 a ƙarshe. Ba a goge lamba, sai dai a ja mata layi a rubuta gyara a gefe a sa hannu. Kalmomin da ake amfani da su ma suna da nauyi: a rubuta "ba a gano ba", kada a rubuta "ta ɓatar". Su biyun su sa hannu, ta ɗauki hoton shafin da wayarta, kuma a bar mata layin da za ta rubuta in ba ta yarda ba. Sa hannu a kan ƙirga shaida ce cewa an ƙirga a gabanta, ba amsa laifi ba ne, kuma yana da kyau a rubuta hakan a saman shafin.

Kanti ya kuma sa wa kansa iyakar da ba ya bi, gwargwadon yawan cinikinsa, misali naira 500 sama ko ƙasa, domin inda ake fama da canji ba durowar da za ta riƙa fitowa daidai kullum. Abin da ya wuce iyakar a bincika, a jira kwana ɗaya ko biyu a ga ko banki ko ƙirgar gobe za su warware shi. A ƙarshen wata a haɗa giɓi da rara a ga inda suka tsaya. A nan ne littafin ke fara magana. Kashiyar da ke hawa da sauka, yau giɓin 300 gobe rarar 400, tana buƙatar horo ne ko a rage mata layi. Wadda kullum giɓi ne, kullum dunƙulallen adadi kamar 2,000 ko 5,000, wannan a zauna da ita. Idan kuma giɓin yana bin rana ce ba mutum ba, ko wa ke kan durowa sai an samu a ranar da wani sufabaiza ke aiki, to ba a kan durowa matsalar take ba.

Kafin a ce ma'aikaci ya biya ko sisi, ni a ganina sai an iya amsa e ga tambayoyi uku: ita kaɗai ta riƙe durowar da lambar sirrinta? An ƙirga a gabanta a farko da ƙarshe? An nuna takamaiman ƙa'idar da ta sani ta karya? In ɗaya ta faɗi, asarar ta kasuwanci ce.

## Idan an riga an cire

Ma'aikacin da aka zaftare wa albashi ya fara da neman bayani a rubuce: wace rana, nawa, me aka bincika. Ya adana hotunan shafukan da ya sa wa hannu da shaidar albashin da ya shigo. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofishi a jihohi, har da Filato, kuma jami'anta suna karɓar irin wannan koke su kira ɓangarorin biyu. In abin ya ƙi sulhu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar albashi da sharuɗɗan aiki, kuma tana da reshe a Jos.

Sau da yawa abin da ke hana mutane magana shi ne barazanar 'yan sanda, ko a ce za a kama wanda ya tsaya musu lokacin ɗaukar aiki, wanda galibi kawu ne ko yaya ko maƙwabci. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓanin da bai wuce na bashi ko karya yarjejeniya ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Idan mai kanti yana da shaidar sata, kamar hoton kyamara ko tiransifar kwastoma da ta shiga asusun ma'aikaci, yana da haƙƙin kai ƙara, kuma wannan laifi ne da ake bincike a kansa. Amma bambanci tsakanin rahoton kwamfuta da ƙirgar durowa, ba tare da an bi katin da tiransifar da takardun ba, bai kai matsayin wannan shaidar ba. Wanda ya tsaya wa ma'aikaci kuma, in ana ganin akwai abin da zai biya, a kotu ake neman sa bisa abin da ya sa wa hannu, ba a ofishin 'yan sanda ba.